Katin naƙasa a Maraɗi: yadda ake haɗa dosiyen da ba za a maido shi ba

Mutane da yawa a nan Maraɗi suna ɗauka katin naƙasa takarda ɗaya ce, ka je ofis ka nuna ƙafarka ko idonka a ba ka. Ba haka abin yake ba. Katin yana zaune ne a kan wasu takardu uku da suka riga shi: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, da takardar likita. In ɗaya daga cikinsu ta karkace, dosiyen zai kwanta a dirowa, kai kuma kana gida kana cewa gwamnati ce ba ta aiki. Gaskiya ne aikin yana da nawa, kuma wani jinkirin ba ka da ta cewa a kansa. Amma rabo mai yawa na jiran da ake yi daga dosiyen yake fitowa, kuma wannan rabon a hannunka yake.

Me katin yake ba ka

Tun 1993 Nijar ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu, mai lamba 93-012, aka yi mata gyara a 2010. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, sannan ranar 10 ga Disamba 2019 aka fito da sabuwar doka mai lamba 2019-62. Katin da ake magana a kai shi ne wanda ma'aikata ke kira kart degalite de shans, wato katin daidaita dama.

Abu biyu ne suka fi taɓa rayuwar mutum kai tsaye. Na farko asibiti: wata dokar 1996 kan asibitocin ƙasa ta ɗauke wa naƙasasshe kuɗin kwanciya. Na biyu aiki: dokar 1993 ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu, a gwamnati da kuma kamfanonin da ma'aikatansu suka kai 20. Sai kuma abin da ba a rubuce yake ba amma kowa ya sani: duk ranar da wata ƙungiya ta zo rabon kekuna, sanduna ko jari, sunayen da ke cikin rajista ake fara kira.

Kada dai ka ɗora wa katin abin da ba zai iya ɗauka ba. Ba albashi ba ne. In likita ya rubuta maka magani kuma babu shi a asibiti, famasin cikin gari kuɗinsa zai karɓa. Abin da katin ke yi shi ne ya raba ka da roƙo a bakin taga: maimakon ka tsaya kana bayanin halinka ga mai karɓar kuɗi, sai ka miƙa takarda.

Kafin ka kashe ko dala

Fara da zuwa wurin mutanen FNPH, tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar, ko ƙungiyar da ta dace da kai a ƙarƙashinta, ta makafi, ta kurame ko ta guragu. In ba ka san inda suke ba, sarkin makafi ko sarkin guragun unguwarku ya sani. Dalilin farawa da su shi ne, sunan ma'aikatar da ke kula da naƙasassu yana canzawa kusan duk sanda aka yi sabuwar gwamnati, ofis ma yakan tashi daga nan ya koma can. Su ne suka san ƙofar da ake karɓar dosiye a wannan watan, da ranar da mai sa hannu yake zama.

Daga nan ka je sabis sosiyal, na meri ko na jiha, ka roƙi a rubuta maka jerin takardun da ake buƙata. A rubuce, ba da baki ba. Jerin baki yakan ƙaru da takarda ɗaya duk zuwan da ka yi, na rubuce kuwa kana iya ciro shi daga aljihu ka ce, "Madam, ga abin da kika rubuta mini ranar nan."

Takardar haihuwa, inda mafi yawan dosiye ke maƙalewa

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce saurayi ne ɗan shekara 19 daga wani ƙauye na Madarumfa, shan-inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaro, yana koyon ɗinki a cikin Maraɗi wurin kawunsa. Mu kira shi Mamman. A gida aka haife shi, ba a kai sunansa ko'ina ba, kuma bai yi lakwal ba balle a ce malamai sun nemar masa takarda. Irin Mamman suna da yawa, domin yaron da ke da lalura shi ake bari gida ranar da aka kwashi sauran zuwa rajista.

Dokar 2019 kan rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a je a faɗi haihuwa. In wa'adin ya wuce, meri ba ta da ikon rubuta takardar da kanta, sai alƙali ya yi hukunci. Shi ne mutane ke kira zujma. Abin lura na farko: wurin haihuwa ake bi, ba wurin zama ba. Mamman yana kwana a Maraɗi, amma gidan shari'ar da ke riƙe da ƙauyensu ne zai yi masa zujma, don haka Madarumfa zai nufa. Da yawa sukan ɓata sati suna layi a Maraɗi kafin wani ya gaya musu haka.

Zai tafi da shaidu biyu manya da suka san haihuwarsa, kowanne da katinsa na ɗan ƙasa a hannu. Shaidan da ba shi da kati, kuɗin motarsa asara ne. In akwai katin iyali na wurin mai gari ko tsohon katin awo na uwarsa, a haɗa, don suna taimaka wa alƙali wajen tsayar da shekara. Kuma tun a gida a zauna a daidaita magana kan shekarar. Kada kawu ya ce 18, baba ya ce 22 a gaban alƙali. Kada kuma a ƙara masa shekaru don a nuna ya girma, domin gasar shiga aikin gwamnati da makarantun koyon sana'a suna da iyakar shekaru, kuma abin da aka rubuta yau shi zai bi shi har tsufa.

Ga kuskuren da ya fi yawa: mutum ya karɓi hukuncin alƙali ya naɗe ya koma gida, yana ganin ya gama. Da saura. Sai an kai hukuncin merin wurin haihuwa an shigar da shi cikin rajista, a nan ne takardar haihuwar za ta fito. In ba a yi haka ba, ranar da takardar ta ɓace ko gara ta ci, babu inda za a je a ciro wata.

Wanda ba ya cikin gaggawa yana iya jiran zaman da alƙalai kan fita yi ƙauyuka, inda ake yi wa mutane da yawa zujma a rana ɗaya, galibi kyauta. Mai gari da daraktan lakwal ne kan fara jin labarinsa. Sai dai ba shi da tsayayyen lokaci, don haka wanda ke da wata gasa ko aikin asibiti a gabansa kada ya dogara da shi.

Suna ɗaya, rubutu ɗaya

Ranar da takardar haihuwa ta fito, kafin ku bar bakin tagar, a sami mai karatu ya karanta ta harafi bayan harafi. Sunan da muke kira Mamman, ma'aikaci ɗaya zai rubuta Mamane, wani Mahaman, wani Mahamane, wani ma Mahamadou. A wurinmu mutum ɗaya ne. A wurin mai duba dosiye mutum huɗu ne. Haka sunan uba, haka ranar haihuwa.

Daga wannan rana, takardar haihuwa ce uwa. Duk ofishin da za a rubuta sunanka, kada ka faɗa da baki, miƙa fotokofinta ka ce a kwafa yadda yake. Asibiti ne wurin da aka fi yin wannan ɓarna, domin sakatare yana tambayar suna cikin hayaniya ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Gyaran harafi ɗaya tun kana tsaye minti biyu ne. In ka bari sai bayan an shigar da shi rajista, yana iya maido ka gaban alƙali.

Da takardar haihuwa a hannu, Mamman zai nemi katin ɗan ƙasa a kwamisariya, tunda shekarunsa sun kai. Wannan dole ya je da kansa, saboda hoto da dangwalen yatsa. Wanda kuturta ta ci masa yatsu ko aka yanke masa hannu ya faɗa tun farko a san yadda za a rubuta, kada a bar gurbin fili. Akwai kuma takardar shaidar zama ɗan ƙasa, nasiyonalite, wadda gidan shari'a ke bayarwa. In Mamman yana da niyyar shiga gasar aiki, zai buƙace ta, kuma a nan ana neman takardar haihuwar uba ko uwa. In su ma ba su da ita, to a yi musu zujma rana ɗaya da nasa, da shaidun nan da kuɗin motar nan. Tafiya ɗaya ta wadatar.

Takardar likita

Nan ne ya kamata a daɗe, don ita ce zuciyar dosiyen. Masu duba dosiye sau da yawa ba za su taɓa ganin ka ido da ido ba. Abin da likita ya rubuta shi ne kai.

Ka fara daga ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, majo ya rubuta maka takardar turawa zuwa babban asibiti. A Maraɗi akwai asibitin jiha da kuma babban asibitin Referans, inda ƙwararru suke. Takardar majo tana buɗe maka hanya, amma wadda za ka sa cikin dosiye ta likita ce, kuma gara likitan ɓangaren da lalurarka take: na ƙashi ga ƙafa da hannu, na ido ga gani, na kunne ga ji, na ƙwaƙwalwa ga taɓin hankali. Wanda aka yi wa maganin kuturta a Danja ya fara komawa can, inda aka san tarihin ciwonsa.

Da ka shiga, gaya wa likita abin da ya kawo ka a fili: "Dokta, ba magani na zo nema ba, sartifika nake so don dosiyen katin naƙasa." In ba ka faɗa ba, zai duba ka ya rubuta maganin ciwon jiki ya sallame ka.

Takarda mai kyau tana ɗauke da sunanka daidai da na takardar haihuwa, da sunan lalurar, da ɓangaren jikin da ta shafa, hagu ko dama, da abin da ta hana ka yi, da bayanin cewa ta dindindin ce. Sai kwanan wata, sunan likita, sa hannunsa da hatiminsa. Dubi bambancin a kan Mamman. Takarda ta farko ta ce: yana fama da ciwon ƙafa. Wannan ba ta ce komai ba, wanda ya yi targaɗe a ƙwallo ma haka za a rubuta masa. Ta biyu ta ce: shanyewar ƙafar hagu sakamakon shan-inna tun yarinta, ƙafar ta tsotse kuma ta fi ta dama gajarta, ba ya tafiya sai da sanda, lalurar ta dindindin ce. Likitoci suna auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, inda 0 ke nufin babu motsi sam, 5 kuma cikakken ƙarfi. In likitan ya sa wannan lamba, dosiyen ya ƙara nauyi.

Ga mai matsalar ido, a rubuta awon gani na kowane ido daban, domin da idon da ya fi gani ake yin hukunci. Ga mai matsalar ji, a haɗa da takardar awon ji da na'ura ke fitarwa. Kurma ya tafi da wanda ya saba magana da shi da hannu, amma ɗan rakiya ya bari a gwada shi, kada ya riƙa amsawa a madadinsa.

Wata ɗabi'a tamu tana cutar da mu a ɗakin likita. An tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Wannan gaisuwa ce, a bar ta a bakin ƙofa. In an shiga bayani, faɗi ranarka yadda take: ba na iya tsugunawa a makewayi sai an riƙe ni, in na yi tafiya daga gida zuwa masallaci sai na zauna sau biyu, na faɗi a kan hanya watan jiya. Kada kuma ka ƙara gishiri. Likitan da ya ga kana jan ƙafar da lafiyarta lau zai yi shakkar sauran maganarka duka.

Wani lokaci likita zai ƙi rubuta dindindin, kuma yana da gaskiya. Tsohon da yanar ido ta rufe masa gani, aiki ake yi masa ya gani. Yaron da aka haifa da ƙafa a murɗe, in an kawo shi da wuri ana gyarawa da filasta. In likita ya ce a fara yin aiki, ku bi maganarsa, domin gani ya fi kati. Ga yaro ƙarami ma, ku tuna tun 2006 aka ce duba lafiyar yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a asibitocin gwamnati, don haka kada a jira kati kafin a kai shi.

Kuma a bar takardar likita ta zo ƙarshe, bayan ta haihuwa da katin ɗan ƙasa. Ofisoshi suna son sabuwa. In Mamman ya fara da ita, ya shafe watanni yana bin zujma, ranar ajiye dosiye za a iya ce masa ta tsufa ya koma ya sake.

Ranar ajiye dosiye

Kada asalin takarda ta bar hannunka. Yi fotokofi, kai meri ko kwamisariya a buga musu hatimin tabbatarwa, su za ka bayar. Yi dosiye biyu iri ɗaya, ɗaya na ofis, ɗaya naka a cikin leda, nesa da ɗigon damina. A ɗauki hoton kowace takarda da waya. Hotunan fuska kuma, rubuta sunanka a bayan kowanne, don ƙananan hotuna su ne abin da ya fi zubewa daga dosiye.

Sannan kada ka fito ba tare da shaidar ajiya ba: resipise mai kwanan wata da hatimi, ko aƙalla lambar da aka ba ka a rajista. In an ce ba a bayarwa, miƙa naka dosiyen ka ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mini kwanan wata da hatimi a kan wannan." Ba kasafai ake ƙi ba. Duk kuɗin da aka ce ka biya, nemi rasit. In wani a bakin ƙofa ya ce ba shi jika biyar ya fito maka da kati cikin sati, riƙe kuɗinka. Shi ma layin da kake bi zai bi, in ma ya bi.

Lambar wayar da za ka bari ta zama wadda ke kunne kullum. In wayar kawu ce, a gaya wa kawu, kada a kira ya ce bai san zancen ba.

Zaman jira

Jinkiri iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na kowa da kowa: ana tara dosiye su yi yawa kafin a duba, ko mai sa hannu ya yi tafiya, ko ba a buga katunan ba. Akwai kuma naka kai kaɗai: takarda ta ɓace, suna bai dace ba, takardar likita ba ta gamsar ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Nemi mutum biyu ko uku da kuka ajiye a lokaci ɗaya. In duk kuna jira, na kowa ne, kuma zaryar kabu-kabu ba za ta ƙara komai ba sai cin kuɗi. In nasu ya fito naka bai fito ba, dosiyenka ne ke da magana, ka je a buɗe shi a gabanka.

In ka je bibiya, kada ka tambaya "ya fito?" Amsar wannan kullum ita ce a dawo wani sati. Tambayi inda dosiyen yake: yana nan ofis ne ko an tura shi, yaushe aka tura, akwai abin da ya rage a ciki? Rubuta amsar da kwanan wata a bayan dosiyenka. Zuwa ɗaya a wata ya isa, da safe, kuma ba ranar Juma'a ba, tunda aikin rabin rana ne. Ga jinkirin kowa da kowa, ƙungiya ta fi mutum ɗaya: wakili ɗaya ya tafi da jerin sunaye ashirin da lambobinsu ya fi mutum ashirin su yi ta hawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Gabanin 31 ga Yuli, ranar naƙasassu ta ƙasa, da 3 ga Disamba, ta duniya, hukumomi sukan so a ga sun yi wani abu, don haka lokacin ne ya fi dacewa ƙungiya ta kai jerinta.

Kafin katin ya fito, ba hannu rabbana kake zaune ba. A ce Mamman ya kamu da ciwon da sai an kwantar da shi. Kawunsa ya ɗauki takardar likita da resipise ya wuce sabis sosiyal na asibitin tun ranar shiga, kafin a biya komai, domin kuɗin da ya riga ya shiga kes da wuya ya dawo. In gidan ba su da hali, akwai takardar shaidar rashin ƙarfi da meri ke bayarwa, ita ma a haɗa. Ga gasar aiki ko jarrabawa, takardar likitan ce za a sa cikin dosiye tun ranar rajista, a kuma rubuta buƙatar da ake da ita, kamar ɗaki a ƙasa ko mai karanta wa makaho tambayoyi. Ranar jarrabawa da safe ba lokacin neman wannan ba ne.

Ranar da katin ya fito, a karanta shi a wurin kamar yadda aka karanta takardar haihuwa: suna, ranar haihuwa, irin naƙasar, hoto. A duba ko akwai ranar ƙarewa a jikinsa, in akwai a fara shirin sabuntawa wata uku kafin ta zo. A yi masa fotokofi biyu masu hatimi, ɗaya a ajiye gida, ɗaya wurin ƙungiya. In ya ɓace, a fara zuwa kwamisariya a karɓi takardar shaidar ɓata, da ita da fotokofin za a koma ofishin da ya bayar.